Turnitin ya ba kundina kashi 47: ku duba mini wasiƙar da zan kai wa malamina

Ɗalibin_Jushi:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin Hausa, kuma kundina a kan karin magana ne a bakin maɗinkan birnin Zariya. An saka kundin a Turnitin, manhajar da take kwatanta rubutu da sauran rubuce-rubuce, kafin a tura shi ga mai jarrabawa na waje, sai rahoton ya fito da kamanceceniya kashi 47 cikin 100, alhali takardar da aka raba mana ta ce kada a wuce kashi 20. Malamin da yake duba aikina ya ce in rubuto masa bayani a takarda, saboda zai haɗa da rahoton ya kai wa kwamiti. Ga abin da na tsara, ina roƙon gyaranku kafin in kai:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai ba da haƙuri bisa sakamakon da ya fito. Ina tabbatar wa Malam cewa ban yi satar fasaha ba, aikin nan da hannuna na yi shi, kuma Malam shaida ne a kan wahalar da na sha wajen tattara bayanai. Ina ganin matsalar daga na'urar take. Ina roƙon Malam ya taimaka mini da shawarar yadda zan rage wannan adadi ya dawo ƙasa da 20, domin kada lokacin jarrabawa ya wuce ni."

Yaron_Samaru:
Wa alaikumus salam. Ni a ganina ba ka ma buƙatar wasiƙa. Ka sauya kalmomi da masu kama da su, inda aka ce "bincike" ka sa "nazari", sannan dogayen sakin layin ka mayar da su hoto ka liƙa a shafin, na'urar ba ta karanta hoto. Akwai kuma masu cusa fararen haruffa tsakanin kalmomi. Cikin dare ɗaya adadin zai sauko.

Tsohon_Ma'aikacin_Laburare:
Yaron_Samaru, don Allah kada ka jefa shi cikin abin da ya fi wanda yake ciki. Turnitin yana da sashen da ake kira Flags, wanda yake nuna wa malami ɓoyayyen rubutu da haruffan da aka musanya da na wani harshe. Ko babu wannan, shafin da aka mayar hoto yana rage yawan kalmomin da rahoton yake ƙirgawa, kuma duk wanda ya ga kundi mai kauri da kalmomi kaɗan zai yi tambaya. Kashi 47 abu ne da ake zama a yi bayaninsa, amma fararen haruffa shaida ce ta cewa an yi niyyar yaudara.

Ɗalibin_Jushi, wasiƙarka tana da ladabi, sai dai babu abin da malaminka zai iya ɗauka daga cikinta ya kare ka da shi a gaban kwamiti. Ka yi rantsuwa, ka ɗora wa na'ura laifi, ka nemi a rage lamba, amma ba ka faɗi daga ina 47 ɗin ta taru ba. Ka buɗe shafukan ƙarshe na rahoton, za ka ga jerin majiyoyi, kowace da lambarta da kasonta. Ka kawo mana manyan, ka gaya mana a wane babi launin kowace ya faɗo. A can ƙasa kuma akwai wurin da aka rubuta Exclude quotes da Exclude bibliography, ka duba ko On ne ko Off.

Ɗalibin_Jushi:
Na gode, Baba. Duka biyun Off ne. Majiya ta farko kashi 17 ce, an rubuta Student Paper da sunan wata jami'a ta ƙasar waje wadda ban taɓa jin sunanta ba, kuma launinta ya rufe kusan dukan babi na ɗaya da na uku da wani ɓangare na babi na biyu. Ta biyu kashi 8 ce, maƙalar da na fitar a mujalla daga babi na huɗu. Ta uku kashi 5, kundin wani ɗalibi ne da yake a intanet, ta huɗu kuma kashi 3, wata maƙala ce, su biyun duk a babi na biyu suke. Sauran kashi 14 ƙanana ne, daga kashi 1 zuwa ƙasa, sun warwatsu a manazarta da karin maganganun da na kawo da kuma tarihin Zazzau.

Hajiyar_Kongo:
Wannan kashi 17 ɗin, ka taɓa kai aikin wani kafe a duba maka kafin ka gabatar da ƙudurin bincikenka? Ina tambaya ne saboda haka ya faru da ni. Masu kafe da yawa suna amfani da asusun wata makaranta da suka samu, idan kuma ba a zaɓi No Repository ba lokacin da aka buɗe wurin saka aikin, takardar tana shiga rumbun ajiya ta zauna. Duk ranar da aka sake duba kundin, sai ya ci karo da kansa a ƙarƙashin sunan waccan makarantar.

Ɗalibin_Jushi:
Haka ne, Hajiya. Bara na kai babi na ɗaya zuwa na uku wani kafe a Samaru. Yanzu da na sake dubawa, har taken aikin da sunayen unguwannin da na ce zan yi hira a cikinsu duk launin ya rufe su, har da wani kuskuren rubutu da ban gyara ba tun lokacin.

Hajiyar_Kongo:
To ai magana ta ƙare. Ka cire 17, ka cire 8 na maƙalarka, saura 22. Idan aka kunna cire manazarta da zancen wani, ka sauka ƙasa da 20 ba tare da ka taɓa ko layi ɗaya ba. Ka rubuta wa Malam wannan lissafin kawai.

Malam_Na_Gyallesu:
Hajiya ta gano asalin majiya ta farko daidai, amma lissafin debewar ba ya tafiya haka, kuma idan ya rubuta wa malaminsa cewa zai sauko 22 sannan aka sake dubawa aka ga 29, ya ɓata wasiƙar da hannunsa. Dalili shi ne, idan jimla ɗaya ta yi kama da majiyoyi uku, rahoton yana danganta ta ga wadda ta fi dacewa da ita ne, sauran biyun suna nan a ƙarƙashi. Da zarar an cire ta sama, ta ƙasa za ta fito. Ya ce launin majiya ta farko ya shiga wani ɓangare na babi na biyu. Idan a wannan ɓangaren akwai sakin layin da ya ɗauko daga kundin nan na majiya ta uku tun lokacin ƙudurin, yanzu suna ɓoye cikin 17 ɗin, kuma ranar da aka cire ta, 5 za ta iya zama 9 ko 10.

Ni ina duba ayyukan ɗalibai, kuma in faɗi gaskiya, a wannan rahoton 17 ba ta dame ni ba, 5 da 3 ne suka dame ni. Ɗalibin_Jushi, kalmomi nawa ne a kundin? Idan mun ɗauka 30,000 ne, kashi 1 kalmomi 300 ke nan, kashi 5 kuwa kalmomi 1,500, wato kusan shafi biyar daga aikin mutum ɗaya. Manazarta da sunayen littattafai ba sa tara shafi biyar daga majiya guda. Ka buɗe wuraren, ka gaya mana yadda launin yake: guntaye ne na kalmomi biyar ko shida nan da can, ko kuwa sakin layi ne cikakke daga farko zuwa ƙarshe?

Ɗalibin_Jushi:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmomin sun kusa haka. Yawanci sakin layi ne cikakku, a wurin da na yi bitar ma'anar karin magana da rabe-rabensa. Amma a ƙarshen kowanne na sa sunan marubuci da shekara, shi ya sa na ce ban yi sata ba.

Malam_Na_Gyallesu:
Nan ne wurin da dole wasiƙar ta faɗi gaskiya. Sunan marubuci da shekara suna nuna wa mai karatu inda ra'ayin ya fito, amma ba sa nuna cewa kalmomin ma na wani ne. Idan ka kwafi jimlolin mutum yadda suke, sai ka sa alamar zancen wani tare da lambar shafi, idan kuma maganar ta kai kalmomi 40, a tsarin kawo madogara na APA ana ware ta a tura ta ciki. Akwai kuma tambaya ta biyu wadda ta fi wannan nauyi: sunayen da ka sa a ƙarshen sakin layin, na mai kundin ne, ko na malaman da shi mai kundin ya ambata? Idan ka ɗauko bitarsa tare da madogararsa, ba ka karanta littattafan da kanka ba, to ka gabatar da karatunsa a matsayin naka, kuma mai jarrabawa da ya san fagen yana gane wannan ko babu na'ura, musamman idan kuskuren shekara ko na shafi da ke cikin wancan kundin ya biyo ka. Gyaran wannan shi ne ka koma laburare ka nemo littattafan, ka karanta, ka rufe su, ka rubuta abin da ka fahimta, kana kwatanta inda wannan masanin ya saɓa wa wancan da kuma wanda ya fi dacewa da abin da ka ji a bakin maɗinka. Sauya kalma da 'yar'uwarta a kan ginin jimlar mutum ba gyara ba ne, domin ƙashin jimlar nasa ne har yanzu.

Baban_Sadiya:
Malam, da girmamawa, ni ban yarda ya rubuta wannan a takarda ba. An ce wasiƙar kwamiti za a kai wa, kuma abin da aka rubuta yana shiga fayil. Ya je ofis ya faɗa wa malaminsa baki da baki, ya gyara babin a hankali, takardar kuma ta tsaya a kan kafe da maƙala. Ba ƙarya ya yi ba, ya dai taƙaita.

Malam_Na_Gyallesu:
Baban_Sadiya, zuwa ofis kafin a miƙa takarda shawara ce mai kyau, na goyi bayanta, domin bai kamata malami ya fara ganin irin wannan magana a rubuce ba. Amma rahoton yana manne da wasiƙar. Duk ɗan kwamitin da ya buɗe shi zai ga majiya ta uku da shafukanta masu launi, kuma idan wasiƙar ta yi bayanin komai ta tsallake wannan, zai fara shakkar bayanin kafen ma. Ba a ce ya kira kansa ɓarawo ba. Ya faɗi abin da yake a shafin, ya faɗi abin da zai yi a kai.

Gwaggon_Ɗalibai:
Ni abin da ban gane ba shi ne maganar maƙalar. Mutum ya rubuta abu da kansa, an ma ƙarfafa masa gwiwa ya buga kafin ya kammala, sannan a ƙirga masa shi a matsayin kamanceceniya? A lokacinmu alfahari ake yi da wannan.

Tsohon_Ma'aikacin_Laburare:
Gwaggo, na'urar ba ta san wanda ya rubuta abu ba, rubutu kawai take kwatantawa da rubutu, kuma kamfanin da kansa yana cewa rahoton ba hukuncin satar fasaha ba ne, mutum ne yake yanke wannan. Maƙalar da ta fito daga kundi ba abin kunya ba ce, matuƙar an bayyana ta. Ya rubuta a farkon babi na huɗu, ko a ƙasan shafi, cewa an buga wani ɓangare na wannan babin a mujalla kaza, fitowa ta kaza, shafi kaza zuwa kaza, ya sa ta a manazarta, sannan ya haɗa kwafinta da wasiƙar ya roƙi a cire ta daga lissafi. Wanda ya saka aikin a asusun malami yana iya cire majiya guda ɗaya ɗaya, ɗalibi ba ya iyawa, shi ya sa roƙon dole ya bi ta hannun malamin.

Game da ta kafe, hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce a cire ta daga wannan rahoton kamar yadda za a cire maƙalar. Mai wuyar ita ce a goge takardar daga rumbun gaba ɗaya, wanda sai an samu Submission ID nata, kuma buƙatar tana bi ne ta hannun mai kula da asusun makarantar da aka saka ta, ba taku ba. Idan mai kafen ya ba ka rahoton bara, lambar tana shafin farko tare da ranar da aka saka. Ka nemo shi ko da ba za a goge ba, domin wannan shafin shi ne hujjarka mafi ƙarfi cewa kai ne mai waccan takardar.

Ɗan_Kwangila:
Ina so in ƙara wani abu a kan manazarta, tunda da Hausa ya rubuta. A nawa kundin an kunna Exclude bibliography amma jerin littattafan ya ci gaba da fitowa da launi. Da muka bincika, sai muka ga na'urar tana neman kan magana irin References ko Bibliography ne domin ta gane inda jerin ya fara, ni kuwa "Manazarta" na rubuta. A kwafin da aka sake sakawa, da izinin malamina, muka sa References a wurin, sai ta tsallake shi. Ka ambaci wannan a wasiƙar domin kada a kunna abin a ga bai yi aiki ba.

Gwaggon_Ɗalibai:
To su karin maganar fa? Ba zai yiwu ya sauya "Sai an gwada akan san na ƙwarai" domin ya faranta wa na'ura ba.

Malam_Na_Gyallesu:
Ba zai yiwu ba, kuma kada ya taɓa su. Su ne bayanan binciken, kuma kasancewar ana samun su a littattafan da aka tattara karin magana ba laifi ba ne. Ya sa kowanne cikin alamar zancen wani, ya nuna daga bakin wa ya ji shi da wurin da ranar hirar. Tarihin Zazzau ne zai iya ragewa. Kusan kowane kundi da aka yi a garin nan yana da shafukan Sarauniya Amina da ganuwa da ƙofofi da gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma jimlolin sun gaji juna daga kundi zuwa kundi. Mai bincike a kan maɗinka yana buƙatar abin da ya shafi sana'ar ɗinki da unguwannin da ake yin ta, sauran sakin layi ɗaya ya ishe su.

Baban_Sadiya:
Wasu suna kwashe karin maganar su kai rataye, sannan a saka kundin ba tare da ratayen ba. Wannan ya halatta?

Tsohon_Ma'aikacin_Laburare:
Ya danganta da ƙa'idar sashe, domin wasu suna karɓar babi na ɗaya zuwa na biyar kawai, wasu kuma suna son kundin gaba ɗaya. Tambaya ce da zai sa a wasiƙar, kada ya yanke da kansa. Ko an yarda ma, waɗanda yake yi wa sharhi a babi na huɗu dole su zauna a wurinsu.

Ɗalibin_Jushi:
Na gode muku ƙwarai. Na samo rahoton bara a imel ɗina. Ga sabon tsarin:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina gabatar wa Malam bayani a kan rahoton Turnitin na kundina, wanda ya nuna kashi 47, kuma an fitar da shi ba tare da an cire manazarta da zancen wani ba. Kashi 17 daga ƙudurin bincikena ne, wanda aka duba mini bara a wani kafe ya shiga rumbun ajiya da sunan wata jami'a. Na haɗa shafin farko na wancan rahoton mai ɗauke da lambarsa da ranarsa. Kashi 8 daga maƙalata ce da ta fito daga babi na huɗu, na haɗa kwafinta, kuma zan bayyana ta a babin da manazarta. Kashi 5 da kashi 3 suna babi na biyu, inda na kawo sakin layi daga ayyuka biyu da kalmominsu, na ambaci madogara amma ban sa alamar zancen wani ba, kuma wasu daga cikin littattafan da na ambata ta hanyar waɗannan ayyukan na same su. Mai yiwuwa wannan kaso ya ƙaru idan aka cire majiya ta farko. Zan koma ga littattafan na asali in sake rubuta wannan ɓangaren cikin mako uku. Ina roƙon Malam ya yarda a sake fitar da rahoton bayan an cire majiya ta ɗaya da ta biyu da manazarta da zancen wani, domin in ga ainihin abin da ya rage kafin in fara gyara. Ina kuma neman jagorar Malam a kan ko za a iya sa References a madadin 'Manazarta' a kwafin dubawa, da ko rataye yana shiga lissafi."

Malam_Na_Gyallesu:
Wannan takarda ce da malami zai iya tsayawa a bayanta. Ka ƙara lambobin shafukan da abin ya shafa a babi na biyu, ka kuma roƙi a tabbatar cewa duba na gaba an yi shi a No Repository ko a wurin da aka saka na farko, in ba haka ba kundin da aka gyara zai ci karo da wannan kwafin na yanzu. Mako uku kuma, ka tabbata littattafan suna hannu kafin ka rubuta wa'adi.

Baban_Sadiya:
Har yanzu ni da zan cire jimlar nan ta "ta hanyar waɗannan ayyukan na same su". Rashin alamar zancen wani rahoton ya nuna shi, amma wannan babu wanda ya tambaye shi. Ya faɗa wa malaminsa da baki, shi malamin ya zaɓi ko ta shiga takardar.

Hajiyar_Kongo:
Ni ma na fi karkata ga Baban_Sadiya a wannan. Ya kai daftarin ofis ba tare da sa hannu ba, ya bar Malam ya duba tukuna. Baba mai laburare, tambaya ɗaya: idan kwamiti ya ƙi yarda a cire majiya ta kafe, ya ce sai an goge ta daga rumbun, kuma mai kafen ya daina amfani da wancan asusun, me ya rage masa?

Tsohon_Ma'aikacin_Laburare:
Sai mai kula da Turnitin na makarantarku ya rubuta wa waccan jami'ar ko kamfanin da lambar takardar, kuma wannan yana iya ɗaukar lokaci, ba a kuma tabbatar da amsa. Shi ya sa nake ganin Ɗalibin_Jushi ya tambayi kodinetan sashe tun wannan makon ko sun taɓa karɓar rahoton da aka cire majiya a cikinsa, kafin ya gina wa'adinsa a kan haka.